Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Gasar Wasannin Gidaje a Makarantu

Da zango na biyu ya kama, hunturu ya fara sassautawa, za ka ji makarantu sun ɗauki zancen intahaus, gasar da ake raba ɗalibai gida-gida su kara a guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallo. Tsofaffin makarantu irin su Kwalejin Barewa ta Zariya suna da gidaje masu sunayen mutane, su Nagwamatse da Bello Kagara da Ɗan Hausa, amma yawancin ƙananan makarantu launi suke bi: Ja, Kore, Shuɗi da Ɗorawa. Akwai wasu maganganu da ake ta maimaitawa a ɗakin malamai duk shekara game da shirya wannan gasa, an ji su har an daina tuhumarsu. Ni kuwa ina ganin daga cikinsu ake samun rigimar da ke tashi ranar taro, da bashin da ke biyo baya. Bari mu ɗauki makaranta guda a matsayin misali, mai ɗalibai 240 da gidaje huɗu da malamai 20 da filin ƙwallo ɗaya, mu gwada maganganun a kanta.

"Ai wasan yini ɗaya ne"

Wannan jita-jita ce, kuma ba a buƙatar komai wajen ƙaryata ta sai biro da takarda.

Ɗauki gudun mita 100 kawai. Kowane gida ya kawo yara biyu, sun zama takwas. Idan layi shida aka zana a fili, ba za su tashi lokaci guda ba, sai an yi tankaɗe sau biyu sannan a yi na ƙarshe, gudu uku ke nan. Ga rukuni huɗu: ƙananan maza, manyan maza, ƙananan mata, manyan mata. Uku sau huɗu, sha biyu. Gudun kansa ba ya kai daƙiƙa ashirin, amma kiran suna, da neman yaron da ya tafi shan ruwa, da jera su, da rubuta sakamako, ba ya kasa minti biyar. Awa guda ta tafi a kan mita 100. Mita 200 da mita 400 za su ci wasu awa biyu ko fiye. Ba a yi fareti ba, ba a miƙa sanda ba, babban baƙo bai yi jawabi ba, ga rana ta take. Wanda ya san zafin Maris a Sakkwato ko Maiduguri ya san abin da ake nufi da sa yarinya 'yar shekara goma sha biyu gudun mita 400 da ƙarfe ɗaya na rana.

Ƙwallon ƙafa ta fi haka ci. Idan kowane gida zai kara da kowane gida, lissafin shi ne a ninka yawan gidaje da wanda bai kai shi da ɗaya ba, a raba biyu. Gida huɗu: huɗu sau uku, sha biyu, rabinsa shida. Gida biyar ya zama wasa goma, kuma a kowane zagaye gida ɗaya na hutu. Wasa mai minti ashirin-ashirin, da hutun rabin lokaci da sauyin 'yan wasa, awa guda ne cur. Wasa shida awa shida. Saboda haka ƙwallon ƙafa da ƙwallon raga wurinsu makon da ke gaban babbar rana, da yamma bayan la'asar, wasa biyu a kowace rana. Litinin Ja da Ɗorawa, Kore da Shuɗi. Laraba Ja da Shuɗi, Ɗorawa da Kore. Alhamis Ja da Kore, Shuɗi da Ɗorawa. Kowane gida ya buga sau ɗaya a rana, ba wanda ya fi wani hutawa. Tankaɗen guje-guje da dogon tsalle su ma a ƙare su a makon, a bar wa ranar taro gudun ƙarshe da miƙa sanda da fareti, a fara ƙarfe takwas a tashi kafin azahar.

Wani zai ce a yi sili-ɗaya-ƙwale a huta, wasa uku kawai, ko huɗu idan za a nemi na uku. Gaskiya ne ya fi sauri. Illarsa ita ce ƙuri'a na iya haɗa gidaje biyu mafi ƙarfi tun a wasan farko, sai gidan da ya cancanci na biyu ya ƙare a na uku, kuma makin da ya rasa zai bi shi har teburin ƙarshe. A gida huɗu bambancin wasa biyu ne kacal, bai kai a sayar da adalci dominsa ba. Abu ɗaya dai a kula da shi a tsarin kowa-da-kowa: gidajen da za su buga wasan ƙarshe sun riga sun san sakamakon da suke buƙata. A gasar cin kofin duniya ta 1982 Jamus ta Yamma da Ostiriya sun buga wasan da ya ƙare 1-0, sakamakon da ya wuce da su biyun ya fitar da Aljeriya, kuma tun daga gasar 1986 ake buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci guda. Makaranta mai fili ɗaya ba za ta iya haka ba, amma za ta iya jefa ƙuri'ar jerin wasanni a gaban shugabannin gidaje, kada a ce malamin wasanni ya ajiye wa gidansu wasan ƙarshe.

Kafin a tsayar da rana kuma a duba kalanda. Azumi na matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana faɗowa cikin zango na biyu.

"An ba na layin waje rata"

Wannan ihun iyaye ne a bakin fili idan suka ga an jera yara a gudun mita 400, na waje can gaba, na ciki a baya. Ba rata ba ce. Wanda ke layin waje kewayensa ya fi faɗi. Idan faɗin layi mita 1.22 ne, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, kowane layi ya fi na cikinsa tsawo da kusan mita 7.67 a zagaye guda, ko filin babba ne ko ƙarami. Na layi na shida zai yi ƙarin mita 38 idan aka tashe su daga wuri ɗaya. Cutar ta gaske tana faruwa ne idan aka zana ratar da ido, aka ce "matsa gaba kaɗan". Alamarta ba ta ɓuya: a duba sakamakon tankaɗe, idan layi ɗaya ne ke ta cin gudu a kowane rukuni, a koma a sake awo. Aikin mutum biyu ne da tef ɗin awo da farar ƙasa, na yini guda, kuma layi a raba shi da ƙuri'a.

"Malamanmu sun isa alƙalanci"

Rabinta gaskiya. Malamai za su iya yawancin aikin, amma a ƙirga tukuna. Ana buƙatar mai kiran 'yan wasa ya jera su, da mai busa usur na tashi. A bakin layin ƙarshe mutum biyar: ɗaya idonsa na kan na farko kawai, ɗaya na biyu, ɗaya na uku, ɗaya na huɗu, sai shugabansu da zai haɗa ya rubuta. Mutum ɗaya ba ya iya kama yara huɗu da suka shigo kusan tare, duk kaifin idonsa. A gudun miƙa sanda mutum uku, kowa a wurin miƙawa ɗaya. Dogon tsalle mutum uku, mai duba ƙafa a katako da masu jan tef. Teburin maki mutum biyu, sai mai lasifika. Sha shida ke nan. Makarantarmu malamai 20 gare ta, takwas daga ciki shugabannin gidaje ne da mataimakansu, suna can suna fama da yaransu. Saura sha biyu, har da shugaban makaranta da ke tare da baƙi.

Ko da sun kai yawan, akwai wurare uku da bai kamata ɗan gida ya tsaya ba: layin ƙarshe, alƙalancin ƙwallo, da makin fareti. Ba don malamai ba su da gaskiya ba. Don dai kowane malami an san gidansa, ko gidan 'yarsa, kuma idan ƙirji biyu suka iso layi tare, duk hukuncin da ya yanke rabin fili ba zai yarda ba. Hanya mafi araha ita ce musaya da makarantar maƙwabta: su turo malaman wasanninsu ranarku, ku tura naku ranarsu. Alƙalin wasan ƙwallo kuwa a nemi wanda ya saba busa wasa a gari, a biya shi kuɗin mota da na aiki yadda aka yi da shi tun farko.

Kwana ɗaya kafin taro a tara alƙalan na rabin awa a faɗa musu abubuwan da ake yawan saɓani a kai. Gangar jiki ce ke cin gudu, ba kai ko hannu ko ƙafa ba, don haka yaron da ya miƙa hannu bai riga kowa ba. Dogon tsalle ana auna shi daga sawun da ya fi kusa da katako, ko da tafin hannu ne ya dafa a baya. Idan biyu suka yi daidai a tsallensu mafi kyau, sai a duba tsalle na biyu a kyau. Kowane sakamako a rubuta shi a kati, shugaban alƙalai ya sa hannu, yaro ya kai tebur, sannan mai lasifika ya faɗa. Kada a taɓa sanar da abin da aka ji da baki daga nesa. A sa mutum guda da waya daidai saitin layin ƙarshe yana ɗaukar bidiyon kowane gudu, ba ya cin ko sisi, yana kashe gardama da yawa. Ƙorafi kuwa shugaban gida ne kaɗai zai kai shi, a rubuce, ga kwamitin mutum uku. Hukumar guje-guje ta duniya minti talatin take bayarwa bayan sanar da sakamako, makaranta ma za ta iya ɗaukar wannan.

"Gidan da ya fi cin na ɗaya shi ne zakara"

A nan aka fi ɓatawa, domin maganar na iya zama gaskiya, tana iya zama ƙarya, ya danganta da abin da aka rubuta kafin a fara.

Mu ɗauki wasanni goma don sauƙin lissafi, da makin da makarantu da yawa ke amfani da shi: na ɗaya 5, na biyu 3, na uku 2, na huɗu 1. Gidan Ja na da wani dogon yaro da ba a kamo shi. Ya ci mita 100, ya ci 200, ya ci 400, ya ci dogon tsalle. Maki 20. Sauran 'yan gidan ba su kawo komai ba sai na huɗu sau biyu, jimla 22. Kore ya zo na ɗaya sau biyu kawai, amma ya zo na biyu sau biyar, na uku sau uku: 10 da 15 da 6, maki 31. Shuɗi ya tara 29, Ɗorawa 28, su ma kowanne da na ɗaya sau biyu. Duk wanda ke bakin fili sunan Ja ya fi ji a lasifika, yaran Ja sun fara rawa tun kafin a tashi. Sai aka karanta teburi: Kore na ɗaya, Ja na ƙarshe. Ka faɗa mini yadda za a shawo kan uban wannan yaron cewa ba a yi maguɗi ba, idan yau ya fara jin labarin 5-3-2-1.

Babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Tsari biyu ne, kowanne da abin da yake aunawa. Ƙirgen zinare yana neman gidan da ke da gwani, ƙirgen maki yana neman gidan da ke da yara da yawa masu ƙoƙari. Ko a gasar Olamfik ta Beijin a 2008 an ga haka, Sin ta fi yawan zinare, Amurka ta fi yawan lambobi gaba ɗaya. A makaranta ni maki nake goyon baya, saboda yaron da ya san ba zai zo na ɗaya ba yana da dalilin ƙarasa gudunsa idan na huɗu ma na da daraja. Kuma a ƙayyade wa kowane ɗalibi wasa biyu na shi kaɗai da miƙa sanda ɗaya, don kare lafiyarsa da buɗe wa wasu ƙofa.

Sai nauyin wasanni, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Miƙa sanda aikin mutum huɗu ne, ninka makinsa zuwa 10-6-4-2 daidai ne, ƙwallo ma haka. Amma ana samun inda ake ba fareti maki 30 ga na ɗaya, wai don ya fi burge baƙi. Wannan daidai yake da cin gudu shida, a wasan da ba tef ba agogo, ra'ayin alƙali ne kawai. Gidan da iyayensa suka fi ɗinka kaya masu kyau sai ya ɗauke kofi. A daidaita fareti da miƙa sanda, a ba alƙalai uku na waje takarda mai gurabe, jeri da taku da tsafta, kowa ya rubuta nasa ba tare da shawara da ɗan'uwansa ba, a haɗa a tebur.

Canjaras ma a tanadar masa. Yara biyu suka yi kunnen doki a na biyu, a haɗa 3 da 2 a raba, kowa biyu da rabi, na bayansu ya zama na huɗu. A ƙwallo nasara maki 3, canjaras 1, idan aka yi daidai a duba bambancin ƙwallaye, sannan wanda ya ci wani a karawarsu. Idan jimlar gasar ce ta zo ɗaya, a nan ne yawan na ɗaya zai raba gardama. Duk wannan shafi guda ne. Shugabannin gidaje su sa hannu mako biyu kafin gasa, a manna a allon sanarwa, ranar taro kuma a ajiye babban allo a bakin fili ana ƙara maki bayan kowane wasa, kowa na gani.

"Manyan baƙi za su biya"

Jita-jita ce mai tsada. Ana gayyatar shugaban taro da uban taro da uwar taro, kowane gida da nasa uban gida, a karɓi kujeru da rumfuna bashi da fatan gudummawar da za a sanar. Wasu na cika alkawari nan take, Allah Ya saka musu. Wasu wakili suke turowa, wasu su faɗi adadi a lasifika a tafa, shi ke nan. Mai rumfa kuwa washegari yana ƙofar ofis. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: kasafi a gina shi kan kuɗin da ya shigo hannu mako biyu kafin gasa, abin da aka samu ranar taro ya zama na baɗi.

Mu ƙaddara makarantarmu ta tara naira 500,000. Alkaluman misali ne, farashi na kasuwar garinku ne, abin dubawa shi ne jerin fifiko. Farko abin da babu gasa sai da shi. Zanen fili da igiya da tef 40,000. Ƙwallaye da raga da usur da sandunan miƙawa 60,000. Alƙalai shida na waje, kowa 10,000, ya zama 60,000. Ruwa da kayan agajin gaggawa da ma'aikacin lafiya 70,000. Ruwan ba a ƙiyasta shi da ka: ɗalibai 240, kowa leda uku, 720, jaka na ɗauke da 20, jaka 36 ke nan kafin a sa malamai da baƙi. Kuma a san motar da za ta kai yaro asibiti idan ya faɗi, da direbanta, da inda ya ajiye ta. Bayan waɗannan sai kyaututtuka 90,000, lasifika da man janareta 50,000, buga takardu 20,000, rumfa da kujeru 60,000, a ajiye 50,000 ba a taɓa ba don abin da ba a zata ba.

Kasafin da ya karkace ana gane shi da kallo ɗaya. Idan kuɗin abincin manyan baƙi ya fi na ruwan yara, ko akwai rumfa uku ta baƙi babu ko ɗaya ta 'yan wasa, an juya abin. Rumfar farko ta yaran da suka gama gudu ce.

Game da tara kuɗi daga iyaye, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa firamare da ƙaramar sakandare kyauta a makarantun gwamnati, don haka a can abin ya bi ta ƙungiyar iyaye da malamai, a matsayin gudummawa, da sanin hukuma. Ko a makaranta mai zaman kanta, kada a hana yaro gudu saboda ubansa bai biya kuɗin riga ba. Ƙyalle mai launin gida da aka ɗaura a ƙirji ya isa alƙali ya gane shi.

"Sai da babbar kyauta yara ke dagewa"

Ba haka ba ne, kuma masu kasafi sun fi faɗawa ramin yawan kyauta fiye da na girmanta. Wasa biyar na mutum ɗaya, a rukuni huɗu, lamba uku-uku, lambobi 60. Miƙa sanda wasa ɗaya ne a takarda, amma yara huɗu ne a kowane gida, matsayi uku, rukuni huɗu, lambobi 48. An kai 108 ba a taɓa ƙwallo ba. Wanda ya yi odar 80 da ka zai tsaya a gaban yara huɗu da lamba ɗaya a hannu. Idan kuɗi bai kai ba, a ba na ɗaya lamba, na biyu da na uku takardar shaida mai sunansu da hatimin makaranta, haɗe da littattafan rubutu. A sanar da hakan tun farko, kuma abin da aka ba zakaran maza shi za a ba zakarar mata, ba a ba shi kofi ita a miƙa mata bokiti ba. Babban kofi a saya mai kyau sau ɗaya, ya zama na makaranta, gidan da ya ci a rubuta sunansa da shekara a gindinsa, baɗi a dawo da shi fili.

Cikin mako guda bayan gasa ma'aji ya kawo lissafi da rasit gaban kwamiti, a karanta wa iyaye abin da ya shigo da abin da ya fita, har da alkawuran da ba a karɓa ba. Malamin wasanni ya ƙirga ƙwallaye da raga da tef ya kulle a sito, ya haɗa takardar dokoki da jadawali da awon layuka a fayil ɗaya a ofishin shugaban makaranta. Idan kayan suka tsira, kusan naira 60,000 na kasafin bana ba za a sake kashe su ba, kuma ko an yi wa malamin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi zai tarar da awon filin a rubuce.